Yadda Ake Raɗa wa Sabon Turare ko Kayan Ƙwalama Suna a Gari Mai Yaruka da Yawa

Mai haɗa humra ko mai soya cincin takan shafe watanni tana gyara haɗinta har ya tsaya yadda take so, amma idan aka zo batun suna sai a zaɓe shi cikin hira ɗaya da ƙawaye, washegari a kai wa mai buga sitika. A Kaduna irin wannan gaggawa tana jawo asara, domin kwalbar da aka cika a Tudun Wada ba a hannun Hausawa kaɗai za ta tsaya ba. Bayarabiya mai shago a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi za ta kira sunan, mai kanti a Sabon Tasha zai rubuta shi a littafin bashi, yaron mota a tashar Kawo zai maimaita shi a waya ga wanda zai karɓi saƙo a Abuja. Duk waɗannan mutane ba su ga ma'anar da mai kaya ta ƙudura a ranta ba, abin da ya iso kunnensu da shi za su yi aiki. Saboda haka hanyar da nake bi, wadda na sha bi tare da masu ƙananan sana'o'i, ta fi dogara ga gwada suna a bakin mutane fiye da kallon kyansa a takarda. Aikin yana ɗaukar kamar mako biyu, kuma kusan babu kuɗi a cikinsa sai an zo matakin rajista.

Domin bayanin ya tsaya a kan abu guda, za mu ɗauki misalin wata mai sana'a a Unguwar Rimi wadda take son fito da humra da turaren jiki na amare, tana sayarwa a cikin gari, tana kuma aikawa Abuja da Zariya. Sunayen da za a gani misali ne kawai, kuma inda kayan ƙwalama suka bambanta da turare zan nuna.

Kayan aiki

Ana buƙatar littafin rubutu guda da ba a yin wani lissafi a cikinsa, da fararen takardu da aka yanka daidai tafin hannu, kamar 30, da alƙalami mai kaurin baki. Ana buƙatar waya mai ɗaukar murya, wadda kuma ake iya bincike da ita. A tanadi kwalba ko ledar da za a sayar da kayan a ciki, mafi ƙanƙanta daga cikinsu, domin sunan da ya zauna daram a kan kwalbar mil 50 yana iya ƙin shiga jikin ta mil 6. Ƙamus yana da amfani, ko Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero ko na Bargery da aka buga a 1934, saboda yakan tono tsohuwar ma'anar da matasa ba su sani ba amma dattawa suna riƙe da ita. Wanda bai sami ƙamus ba ya nemi tsohuwa ɗaya mai Hausa a baki, za ta biya masa yawancin buƙatar.

Babban kayan aiki dai mutane ne. Ga kowane yare da ya shafi kasuwar, a sami mutum biyu da suka tashi da shi tun daga gida, ɗaya babba ɗaya matashi, kuma gara a sami mace da namiji. Kada a sa miji ko 'yan'uwa ko aminai a wannan sahu, domin kunya da son faranta rai ba za su bari su faɗi abin da suka ji ba.

Mataki na 1: A rubuta waɗanda za su riƙa kiran sunan

Kafin a tuna suna ko ɗaya, a buɗe shafin farko a rubuta inda kayan za su je a shekarar farko, da mutanen da za su bi ta hannunsu: masu saye, masu sari, masu shago, masu kai saƙo. Daga nan yarukan gwaji za su fito da kansu. Ga mai sayarwa a Kaduna, Hausa da Turanci da buroka wajibi ne. Yarbanci da Igbo suna biye, saboda yawan masu shaguna. Idan kayan za su ƙetara kogi zuwa Barnawa, Kakuri, Sabon Tasha, ko su gangara Kafanchan, sai a ƙara Gbagyi da aƙalla ɗaya ko biyu daga yarukan kudancin jihar, irin na Atyap da Bajju da Ham da Adara. Mai turare ta ƙara Larabci da Kanuri, tun da sana'ar humra da turaren wuta tana da tushe mai ƙarfi a Borno kuma masu sayen da suka san kaya da yawansu daga can suke. Wanda yake da 'yan sari daga Maraɗi ko Damagaram ya sa Faransanci da Hausar can a lissafi.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne tsawaita jerin har ya gagari aiki. Yare biyar zuwa bakwai sun isa.

Mataki na 2: A tara sunaye da yawa, sannan a yi tankaɗen farko

A rubuta sunaye 20 zuwa 30 ba tare da tsayawa auna su ba, cikin kwana biyu ko uku. A nemo su daga abin da kayan suke sa mutum ya ji, daga lokutan yini da na shekara, daga tsirrai da wurare. Ga turare za a sami irin su Raɓa, Sanyi, Walwala, Lumana, Zinariya, Tsabta, Asuba. Ga kayan ƙwalama akwai irin su Marmari, Santi, Garɗi, Armashi. Bayan an tara sai a soke duk wanda ya faɗa cikin ɗayan rukunan da ke tafe.

Na farko shi ne sunan da bai yi komai ba sai bayyana kayan, kamar Turare Mai Ƙamshi ko Cincin Mai Daɗi. Irin wannan ba ya bambanta kayan mutum da na maƙwabcinsa, kuma da wuya a ba mutum rajistar mallakarsa, domin doka ba ta barin wani ya killace kalmar da kowane ɗan kasuwa yake buƙata wajen bayyana hajarsa. Na biyu shi ne sunan da yake da'awar magani ko wani tasiri, irin wanda yake nuna cewa abin yana warkar da ciwo ko yana mallake zuciyar miji. Hukumar NAFDAC, wadda abinci da kayan kwalliya suke ƙarƙashinta, tana duba suna da lakabi, kuma ba ta amincewa da abin da zai yaudari mai saye. Na uku shi ne sunayen Allah da lafuzan Alƙur'ani. Niyyar mai sa su neman albarka ce, amma ledar cincin a bola take ƙarewa, wani lokaci a cikin kwata, kuma akwai masu saye da za su guji kayan saboda wannan dalili kaɗai. Na huɗu shi ne sunan da ya kusanci na wani sanannen kamfani da harafi ɗaya ko biyu; wannan neman rigima ne, kuma yana sa a ɗauki kayan a matsayin jabu ko da sun fi na asalin kyau.

Game da sa sunan mai sana'a ko na 'yarta, ba na hanawa, amma ina nuna cewa a kowace unguwa akwai masu turare da yawa da suka yi haka da sunaye iri ɗaya, har mai saye yakan rasa wace ake nufi. Idan an nace, a haɗa sunan da wata kalma da ba kowa yake amfani da ita ba.

A ƙarshen wannan mataki ya kamata a rage da sunaye takwas zuwa goma.

Mataki na 3: A cire ƙugiya a ga abin da ya rage

Wannan mataki na Hausa ne zalla, kuma a nan sunaye masu kyau suka fi faɗuwa. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, sannan haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, sukan ɓace da zarar suna ya bar hannun mai shi. Mai buga sitika yana iya zaɓar salon harafin da babu ƙ a cikinsa, sai ta fito a matsayin ɗan akwati ko ya musanya ta da k bai faɗa ba. Sunan shafi a Instagram ba ya karɓar waɗannan haruffa, haka ma yawancin fom-fom na banki. Masu saye kuma kowa da yadda yake rubutawa a waya: wani ya sa q a madadin ƙ, wani ya sa 6 a madadin ɓ, wani ya bar harafin haka nan. Suna ɗaya sai ya zama yana da rubutu uku, mai neman shafin ya rasa wanne zai buga.

Don haka a rubuta kowane suna da manyan baƙaƙe, ba ƙugiya, ba alamar ɗauri, a kan takarda guda, sannan a zauna a lissafa duk hanyoyin da Bahaushe zai iya karanta shi. A misalinmu, Raɓa suna ne mai daɗi ga turare, yana kawo sanyin safiya a rai. Amma da aka rubuta RABA sai ya koma rabuwa, kuma babu uwar da za ta sa turare mai wannan suna cikin kayan 'yarta ranar kai amarya. Ya faɗi nan take. Tsabta ma ya faɗi, saboda Hausawa kansu sun kasu biyu a kan rubutunsa, wasu tsabta wasu tsafta. Mai kayan ƙwalama ya lura da kalmar gashi: yana nufin abin da aka gasa, amma ido yana iya karanta gashin kai, wanda shi ne abu na ƙarshe da ake son tunawa a kan ledar abinci. Ƙara, da nufin mai ci zai nemi ƙari, idan ƙugiya ta faɗi ya zama karan dawa, idan ma ba ta faɗi ba yana iya zama ƙarar da ake kaiwa kotu.

Sai a gwada gutsure sunan, domin mutane ba sa kiran suna mai gaɓa huɗu cikakke, sukan yanke shi. A rufe rabin ƙarshe da yatsa a karanta abin da ya rage, sannan a rufe rabin farko. Zinariya suna ne da yake da kwarjini, amma gaɓoɓinsa biyu na farko kalma ce da ba a son ta kusanci turaren mata, kuma yaran shago ba za su daɗe ba su gano hakan. Ni a wurina wannan ya isa a ajiye shi, ko da yake na san masu ganin tsananin ya yi yawa.

Idan mai sana'a ta ƙwallafa rai a kan suna mai ƙugiya, sharaɗin shi ne rubutun da ba ƙugiya ya kasance ba shi da wata ma'ana ta daban. Ƙamshi da kamshi ba su da matsala ta wannan fuska, Raɓa da raba suna da ita.

Mataki na 4: Binciken ma'ana a bakin masu yare

A nan ake zuwa wurin mutanen da aka tanada, kuma yadda ake tambayar ya fi komai muhimmanci. A sami kowa shi kaɗai. Kada a ce masa sunan turare ne, kada kuma a tambaye shi ko sunan ya yi daɗi, domin amsar kullum ita ce ya yi. A furta kalmar sau biyu, sannan a ce, misali ga dattijuwa: "Mama, don Allah idan kika ji wannan, akwai wata kalma a yarenku da ta yi kama da ita?" Bayan ta amsa sai a ƙara: "Akwai wadda ake zagi da ita, ko wadda ba a faɗa a gaban manya, da take kusa da wannan?" Tambaya ta biyu dole a yi ta ƙarara, domin mutumin kirki ba zai kawo kalmar batsa da kansa ba sai an buɗe masa ƙofa. A kalli fuska fiye da yadda ake sauraron baki. Idan mutum ya yi murmushi ya kawar da kai, ko ya ce "babu komai" bayan ɗan jinkiri, akwai komai, kuma sai a nemi wani tsaransa ko jinsinsa ya sake tambayarsa. Dalilin neman babba da matashi ke nan: babba ya san tsofaffin ma'anoni da abin da ya shafi al'ada, matashi ya san sara da zaurancen da ake yayi.

Yarbanci da Igbo yaruka ne masu karin sauti kamar Hausa, don haka gajeren suna mai gaɓa biyu yana iya ɗaukar ma'ana uku ko huɗu. A ce mai turarenmu ta so sunan Ara saboda gajartarsa, kuma wata maƙwabciyarta Bayarabiya ta tabbatar mata cewa a Yarbanci yana iya nufin jiki ko abin ban mamaki, gwargwadon yadda aka ɗaga murya. Duka biyun sun dace da turare. Amma a Igbo wannan rubutu yana iya nufin hauka, yana kuma iya nufin nono, a Hausa kuwa aro yake tunawa mutum. Da ta tsaya a kan maƙwabciya ɗaya da ba ta ji sauran ba.

A Hausar kanta ma sai an duba abin da kalma take tafiya da shi. Sanyi kalma ce mai kyau, amma a bakin mata, musamman a wuraren da ake sayar da kayan gyaran jiki, idan aka ce maganin sanyi ko ciwon sanyi kowa ya san inda aka dosa. Kwalba mai ɗauke da wannan suna a shagon kayan mata za a ɗauka magani ce. Iska ma haka take, tana jawo iskoki da iskanci a bayanta.

Masu turare suna son sunayen Larabci, kuma a nan sai an nemi wanda ya san Larabcin da ake magana da shi, ba na littafi kaɗai ba. Kalmar da Balarabe yake amfani da ita ga kyan da yake ɗauke hankali ita ce ta shigo Hausa a matsayin fitina, kuma Bahaushe tashin hankali yake ji a cikinta. Akwai kuma sautukan Larabci da bakinmu yake sauyawa, har kalmar soyayya ta gharam ta kusanci haram a kunnen wanda ya ji ta daga nesa. Manyan kamfanoni ma suna cin karo da irin wannan: motar Mitsubishi da muka sani da Pajero, da sunan Montero aka sayar da ita a yawancin ƙasashe masu Sifaniyanci, saboda sunan farko kalmar batsa ce a can. Akwai kuma kamfanin abincin hatsi a Amurka mai suna Kashi, wanda kowane Bahaushe ya san yadda zai kaya da shi a Kasuwar Barci.

Ma'ana ba a ƙamus kaɗai take ba. Lumana ya tsallake matakan baya lafiya, amma duk wanda ya san siyasar Nijar ya san cewa sunan jam'iyyar da marigayi Hama Amadou ya jagoranta ke nan. Ga mai sayarwa a Kaduna da Abuja wannan ba wani abu ba ne. Ga mai 'yan sari daga Maraɗi ko Yamai, sunan zai sa a yi wa kayanta kallon ɓangare. Shi ya sa aka fara da rubuta inda kayan za su je.

Wanda bai sami mai wani yare a kusa ba ya tura saƙon murya ta WhatsApp ga wani da zai kai shi ga mai yaren, ya kuma roƙi a mayar da amsa da murya. Kada a tura sunan a rubuce a wannan mataki, kuma kada a dogara da manhajar fassara, domin ba ta sanin zagi da habaici.

Mataki na 5: Gwajin furuci

Sunaye huɗu ko biyar da suka rage za su bi ta gwaji uku. Na farko, a miƙa wa mutum takardar a ce ya karanta da ƙarfi, ba tare da ya taɓa jin an furta ba, a ɗauki muryarsa da izininsa. Na biyu akasin haka ne: a furta masa sau ɗaya a ce ya rubuta. Na uku, a kira shi a waya daga wuri mai hayaniya, bakin titi ko cikin kasuwa, a faɗi sunan a ce ya maimaita. A yi wa mutum goma kowane gwaji, a gauraya yaruka. Ma'aunin da nake amfani da shi shi ne takwas cikin goma; sunan da bai kai haka ba a gwaji biyu ana ajiye shi.

Akwai sautukan da tun kafin gwaji an san za su ba da wahala. Wanda ba Bahaushe ba yakan kasa ts, ya mayar da ita s ko t. Harafin c da muke rubutawa a cincin, wanda ya yi karatun Turanci kaɗai zai karanta shi k ko s. Yarbanci ba shi da z, don haka mai shi yakan furta s a gurbinta. Mu kuma Hausawa ba mu raba p da f, ba mu da v, kuma mukan cusa wasali tsakanin baƙaƙen da suka cunkushe, kamar yadda aka sami burodi. Mai son sunan Turanci ya tuna da wannan, domin sunan da ya fara da baƙaƙe biyu ko uku a jere zai koma wani abu daban a bakin masu saye, kuma abin da ya koma shi ne sunan kayan na gaskiya. Sautukan da suka fi tafiya lafiya a tsakanin yarukan nan su ne m, n, l, b, d, k, s, kowanne da wasali a bayansa, cikin gaɓa biyu ko uku.

A misalinmu Walwala yana da sauƙin karantawa, amma gwajin waya ne yake kama shi, domin wanda ba ya jin Hausa sosai idan ya ji shi cikin hayaniya, kalmar da ya sani mafi kusa ita ce wahala, kuma ita zai maimaita; wannan ma'ana ce ta kayar da shi. Saura Lumana da Asuba.

Mataki na 6: Gwajin tunawa

A nuna wa sababbin mutane goma kwalbar da sunan a jiki, a bar su su shinshina ko su ɗanɗana, a ambaci sunan sau ɗaya cikin hira, kada a ce su riƙe shi. Biyar su ga suna ɗaya, biyar su ga ɗayan. Idan da hali a ninka adadin. Bayan kwana uku a kira kowa a ce, "Hajiya, turaren nan da na nuna miki ranar nan, kin tuna sunansa?" A rubuta amsar yadda ta fito, har da kuskuren, domin kuskuren yana koyarwa. Idan mutane suna cewa "mai jan murfin nan", sunan bai kama ba. Idan suna kawo sunan wani turare da yake kasuwa, an yi kusa da shi da yawa. Idan kuma mutum uku suka yi kuskure iri ɗaya, a duba ko kuskuren nasu ya fi na asalin sauƙi, domin wani lokaci shi ya kamata a ɗauka.

Gwajin da na fi yarda da shi shi ne na ɗan aike. A sami mai shagon da aka saba da shi a ajiye masa kwalba, sannan a aiki yaro ɗan shekara takwas ko tara daga gida, a faɗa masa sunan sau ɗaya, ba takarda. Yaron zai tsaya kallon ƙwallo a hanya, zai gaisa da abokai, ya isa shagon da abin da ya rage a kansa. Idan mai shago ya gane abin da ake nufi ba tare da ya kira waya ba, sunan ya ci. Kayan ƙwalama sun fi buƙatar wannan gwaji, tun da yara suna da yawa cikin masu sayensu.

Mataki na 7: A tabbatar ba na wani ba ne, sannan a yi rajista

Tun sunaye suna biyu ko uku ya kamata a fara wannan, domin kalmomin Hausa masu daɗi da yawansu an riga an ɗauka. A buga sunan a Google da Instagram da Facebook da TikTok, shi kaɗai, sannan tare da kalmar turare ko humra ko cincin. A zaga shagunan da suke sayar da irin kayan a duba kantoci da ido, saboda masu sana'a da yawa ba su da shafi ko ɗaya. A kuma bincika a shafin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ko akwai kasuwanci mai wannan suna.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa takardar CAC ta ba su mallakar sunan kaya, alhali ba haka ba ne. CAC sunan kasuwanci ko kamfani take yi wa rajista. Idan ta amince da suna takan riƙe wa mai nema shi na kwana 60, kuma kalmomi irin su Federal da National da Government ba a sa su sai da izini na musamman. Sunan da yake jikin kwalba kuwa tambarin kasuwanci ne, kuma ofishin rajistarsa yana ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya a Abuja. Ana yin rajistar ne aji-aji, cikin azuzuwa 45 na kaya da ayyuka. Turare yana aji na 3, cincin da biskit da alewa suna aji na 30, kilishi da soyayyar gyaɗa suna aji na 29. Wanda yake sayar da turare da cincin da suna ɗaya sai ya nemi aji biyu. Yawanci ta hannun lauya ko wakilin da ofishin ya amince da shi ake bi: a yi bincike, a shigar da buƙata, a sami takardar amincewa, a buga sunan a mujallar ofishin, a jira wata biyu ko wani zai yi jayayya. Rajistar farko tana ɗaukar shekara 7, sabuntawa kuma shekara 14 kowane zagaye. Mai niyyar neman lambar NAFDAC ya san cewa shaidar wannan rajista tana cikin takardun da ake nema, don haka ba a barin ta sai ƙarshe.

Wanda kuɗinsa bai kai ga rajista nan take ba, ya biya a yi masa binciken kawai, ya buɗe shafukan sunan a ranar da ya yanke shawara, ya kuma adana rasiɗin sitika na farko da hotuna masu kwanan wata. Wannan ba ya maye gurbin rajista, amma shaida ce ta lokacin da ya fara amfani da sunan.

Mataki na 8: Sunayen nau'o'i da bugun gwaji

A ce mai turarenmu ba ta da kasuwa a Nijar, masu yarukan sun wanke Lumana, ɗan aike ya kai shi shago lafiya, bincike kuma bai nuna wani ya riga ta a aji na 3 ba. Saura nau'o'in da ke ƙarƙashinsa: baƙar humra, farar humra, turaren jiki, turaren wuta. A nan ba a ƙirƙirar sabon suna ga kowanne. Babban suna ɗaya ya isa, a biyo shi da kalmar da masu saye suka riga suka saba da ita, ko launi, ko lamba, yadda mai kira zai ce a ba shi Lumana fara ko Lumana ta biyu. Mai cincin ya yi haka da mai madara, mai kwakwa, mai yaji. Duk haɗin da aka yi a furta shi da sauri sau uku, saboda ƙarshen kalma ɗaya da farkon ta biyu sukan haɗu su haifi wata kalmar da ba a nufa ba. Asuba, wanda ya zo na biyu, a ajiye shi a littafin tare da sakamakon gwajinsa, zai yi amfani idan rajistar na farko ta gamu da jayayya.

Bugun farko kada ya wuce sitika 50 zuwa 100. A rubuta wa mai bugawa sunan da hannu, a kuma tura masa a waya, a ce sai ya nuna samfuri a takarda kafin ya saki inji. A liƙa samfurin a kan ƙaramar kwalbar, a ajiye ta a kanta tsakanin wasu kwalabe, a ja da baya taku uku a ga ko ana karanta sunan. Rubutu mai lanƙwashe-lanƙwashe da ruwan gwal a kan kwalba mai haske shi ne ya fi ɓacewa a wannan nisa. A diga ɗan turaren a kan sitikar a bar ta kwana ɗaya, domin mai yana cinye wasu tawadodi, haka ma maiƙon cincin idan sitikar tana cikin leda. Sai wannan bugu ya ƙare a hannun masu saye, an kuma ji yadda suke kiran kayan idan sun dawo neman ƙari, sannan a ba da odar dubu.